Takardar Sallama daga Ɗakin Ƙurya

Inna Mai Keke ba ta yi boko ba, amma a wajen tsara magana babu mai koya mata. Saboda haka ita ke faɗa, 'yarta Malama tana rubutawa.

A kan akwatuna suke zaune, domin tun jiya aka ɗaure kujeru. An cire kan keken ɗinki an naɗe shi cikin bargo, an toshe ramukan ƙusa, an shafe bango da farin fenti. Ɗakin ƙurya ya yi fes har ya zama kamar na wasu. A goye aka shigo da Malama wannan ɗaki, a cikinsa mahaifinta ya cika, daga cikinsa kuma take fita kullum zuwa firamaren da take koyarwa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, gobe kuma da hantsi mota za ta zo.

Abin da ya tayar da su ba ɓoyayye ba ne. Auta, ɗan mai gidan na ƙarshe, mai gyaran wutar lantarki, shi ya ce yana son Malama, ita ma ba ta ɓoye nata ba. Ya durƙusa gaban Inna ya faɗa, ta ce ya turo manyansa. Da maganar ta je kunnen Baba Mai Gida sai ya ce shi ba ya haɗa haya da surukuta, ya rufe bakinsa a nan. Ƙanwarsa Gwaggo ce ta ƙarasa sauran. Ran nan a bakin famfo, mata cike da layi, ta ce ai wasu da 'yar katifa suka shigo, yanzu kuma da takardar gida suke son fita.

Inna tana cikin layin. Ta ɗauki bokitinta ko rabi bai yi ba ta koma ɗaki, kafin la'asar ta aika wa wakilin gidan sanarwar wata guda cewa za su tashi.

Yau wa'adin ya zo ƙarshe, saura takardar sallama.

Malama ta sa kwanan wata a sama, ta rubuta: Zuwa ga Baba Mai Gida da dukan maƙwabta. Inna ta ce a fara da gaisuwa, sannan a faɗi ranar miƙa makulli. Daga nan ta shiga lissafa halin da ta bar ɗakin, ba ta rage komai ba. Gilashin taga da ya fashe ta sauya shi. Sakatar ƙofa sabuwa ce, ta bar ta. Kusurwar hagu tana yoyo idan ruwa ya yi ƙarfi, ta sha faɗa wa wakili, a gyara kafin wani ya shiga. Kasonta na wuta da na shara ta sauke. Makullai uku ne, na ɗaki da na kicin da na babbar ƙofa.

Sai aka zo kan maƙwabta, a nan muryarta ta fara rawa. Ranar shararta ta tsakar gida tana hannun matar Direba har a sami sabon ɗan haya. Igiyar shanya ta bar wa kowa. Tsanin Mai Wanki da ta ara an mayar. Duk mai ɗinki a wurinta ta gama, wanda bai karɓa ba ya tambayi matar Direba. Ta gode wa waɗanda suka tsaya mata ranar da mijinta ya rasu, ta ambace su ɗaki ɗaki. Ta roƙi gafarar duk wanda ƙarar kekenta ta hana barcin rana, da duk yaron da ta taɓa daka wa tsawa, ta ce ita ma ta yafe wa kowa.

Malama tana rubutu tana share ido da bayan hannu. Da ta ga an zo ƙarshe sai ta tambayi adireshin sabon gida, tunda a nan ake sa shi don mai neman mutum ya san inda zai dosa.

Inna ta ce ba za a sa ba.

Malama ta ɗago kai. Ita kanta ba ta san gidan ba, domin duk lokacin da ta tambaya sai Inna ta ce za ta gani idan mota ta tsaya. Kuma ko yaro ya san ma'anar takardar sallama marar adireshi: kada kowa ya biyo mu.

"Saura layi ɗaya," in ji Inna. "Rubuta. Duk wata magana da aka fara tsakanin ɗakina da gidanka, ni da 'yata mun janye ta, kowa ya kama gabansa."

Biron ya tsaya a hannun Malama.

"Inna, ni da 'yata kika ce."

"Haka na ce."

"Amma ni ban janye ba."

Inna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙa hannayenta biyu, 'yan yatsun nan da allura ta gama hudawa.

"Da waɗannan na ciyar da ke. Ban taɓa bari an ƙwanƙwasa mini ƙofa sau biyu a kan haya ba, don kada a ce marainiya ta tashi a kan alfarma. Yau an ce tarko na ɗana da ke. Idan na fita ban faɗi wannan a gaban mutane ba, za a ce na koma gefe ne ina jiran tarkon ya kama. Ni ba zan mutu da wannan sunan ba."

"To ni fa, Inna? Ni da wane suna zan rayu?"

"Za ki yi kuka, ki gaji, ki daina. Na yi kafin ke."

Malama ta kifa kai a kan gwiwa ta yi kukan, mai cin rai, wanda ba ya fita da ƙara. Inna ba ta lallashe ta ba, sai ta juya tana gyara ɗaurin wani buhu da babu abin da ya same shi. Ita ma hawayen take yi.

A nan ne wani tunani ya zo wa Malama, kuma ta ji kunyarsa tun kafin ya gama zuwa. Inna ba ta karatu. Da za ta tsallake layin ta ce ta rubuta, tsohuwar za ta dangwala yatsa da zuciya ɗaya. Ta dubi bayan uwarta da ya ranƙwafa a kan keke tun tana yarinya. Matar da ta yarda da hannunta ta miƙa mata bakinta, ita za ta cuta?

Ta rubuta layin. Ta sake kwafe takardar sau biyu, kamar yadda ake yi a gidan: ɗaya ta mai gida, ɗaya wakili ya manna a bangon ƙofar shiga don maƙwabta, ɗaya kuma ta mai tashi, wadda wakili zai sa wa hannu shaidar an karɓi ɗaki lafiya. Sau uku ke nan tana yanka kanta da hannunta. Inna ta shafa tawada a babban yatsa ta dangwala, Malama ta sa hannu a ƙasa a matsayin marubuciya kuma shaida.

Washegari da safe Auta ya zo kwance musu fanka. Inna ta amsa gaisuwarsa a taƙaice ta fita tsakar gida.

Yana kan tsani, baya ga Malama, ya fara magana ƙasa ƙasa. Ya ce ya je wurin babban yayansa, yayan ya yi alkawarin zuwa ƙarshen wata ya zauna da Baba. Ya ce tashin nan ma wataƙila alheri ne, tunda idan sun bar gidan babu sauran zancen haya, sai a je a nemi aure kamar yadda ake nema a kowane gida. Adireshin kawai yake so.

"Ban san shi ba," ta ce.

Ya juyo, fankar na hannunsa. "Kamar yaya ba ki san shi ba?"

"Rasit ne ya samo gidan. Shi da Inna kaɗai suka sani."

Fuskar Auta ta canja. Rasit shi ne wakilin gidan, mai karɓar haya, kuma ya sami sunan ne don ko gaisuwa ka yi masa sai ka ga kamar zai yago maka takarda. Tun bara yake zagayen Malama, yau ya kawo wa Inna zare, gobe ya tsaya tambayar lafiyar makaranta. Ta gaya masa gaskiya tun farko, ya yi murmushi ya ce shi mutum ne mai haƙuri. Ranar da sanarwar tashi ta shiga hannunsa, kafin kwana biyu ya samo musu ɗaki.

Auta ya ce to ai ya san makarantarsu. Ta ce kada ya zo. Ita ba za ta riƙa tsayuwa da shi a bakin ƙofar makaranta kamar masu laifi ba, ɗalibai na leƙe, uwarta kuma ba ta sani ba.

"Akwai abin da kike ɓoye mini," ya ce.

Ta so ta ce masa kada ya karɓi takardar yau, ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ya ce an kira shi aiki. Domin tun da yanar ido ta rufe wa Baba gani, Auta ne idonsa. Shi ke karanta masa kowace takarda, shi ke ɗiga masa magani, shi ke riƙe hannunsa zuwa asibiti. Yayyensa duk sun yi nisa da gida.

Kafin ta haɗa kalma, sai ga sallamar Rasit a bakin ƙofa, ya zo duba ɗaki.

Ya shigo da sabuwar riga da turaren da ya riga shi isowa. Ya kunna makunni ya kashe, ya buɗe taga ya rufe, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya ɗaga kai ya kalli kusurwar da ke yoyo kamar yau ya fara jin labarinta. Ya ce bai taɓa karɓar ɗaki mai tsabtar wannan ba. Inna ta miƙa masa takardu biyu, ya sa hannu a tata ya mayar mata. Ta mannawar kuwa ya tsaya ya karance ta tsaf, leɓɓansa na motsi. Malama ta ga lokacin da idonsa ya kai layin. Ya ninke takardar a hankali kamar wanda aka ba kyauta.

Da hantsi aka loda kaya a mota, gida kuma ya hallara a tsakar gida.

An fito wa Baba da kujerarsa. Gwaggo ta zauna a gefensa tana ta gyara mayafi. Matar Direba tun ba a fara ba take jan hanci. Inna ta durƙusa, ta sa takardar da makullanta uku a ɗaure da zare cikin tafin Baba. Ya shafa makullan, ya aje su a kan cinyarsa, ya miƙa takardar gefen da ya san ɗansa yake.

Auta ya fara karantawa.

Da aka zo kan yoyon kusurwa, Baba ya juya fuska wajen Rasit ya ce ashe an sha faɗa masa, Rasit ya sosa ƙeya. Da aka zo kan barcin rana, Mai Wanki ya ce shi kam yanzu ne ba zai iya barcin ba, ya saba da ƙarar keken, aka yi 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Da aka zo kan ranar rasuwa, tsakar gidan ta yi tsit. Baba ya sunkuyar da kai, domin sunansa ne a farko. Shi ya tsaya a kan komai ran nan, kuma Inna ba ta rage masa ko kaɗan ba a cikin godiyar.

Malama ba ta kallon kowa sai bakin Auta. Ta san inda layin nan yake a takardar kamar yadda ta san tafin hannunta. Ya karanta neman gafara. Ya karanta na yafe wa kowa.

Sai ya yi shiru.

Ya ɗago ya dube ta. A idonsa babu fushi, tambaya ce kawai, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. Ya mayar da kai ƙasa, ya ce, "Taku, Inna Mai Keke, ɗakin ƙurya."

Ya tsallake.

Wani daɗi mai ban tsoro ya ratsa Malama. Ta ji kamar an ɗage mata dutse daga ƙirji, nan take kuma ta tuna uwarta. Inna ta ɗago kai, goshinta a tattare. Ba ta iya karatu ba, amma ta san maganarta, ta kuma san ba a faɗe ta ba. Ta juyo ta dubi 'yarta, kallon da ke cewa, ke ce kika ci amanata?

Baba ya fara sa albarka. Ya ce shi bai taɓa samun 'yar haya irinta ba, ya yafe, shi ma a yafe masa.

"Allah ya ba Baba haƙuri," in ji Rasit, yana warware tasa takardar. "Kamar akwai layin da idon Auta bai kai ba. Ni dai tunda zan manna, gara abin da aka ji da abin da za a gani su zama ɗaya."



Baba ya tambayi ɗansa ko haka ne. Auta bai amsa ba. Tsohon ya jinjina kai, kuma Malama ta ga abin da ya taɓa shi: shekara da shekaru yana gani da idon yaron nan, bai taɓa tunanin za a rage masa ko harafi ba.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"To zo ki karanta mini abin da kika rubuta."

Ƙafafunta suka kai ta ba da saninta ba. Da ta karɓi takardar, yatsun Auta suka ƙi saki, sai da ta ja. Layin yana nan da rubutunta mai kyau, irin wanda take koya wa yara. Ta karanta shi. Muryarta ta karye a kan ni da 'yata, ta koma ta sake, har ta kai kowa ya kama gabansa.

Matar Direba ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta ce to madalla, ai haka ya fi, amma babu wanda ya taya ta. Inna kuwa ta sauke ajiyar zuciya, kafaɗunta suka miƙe. An wanke ta a gaban mutanen da aka zage ta a gabansu, kuma 'yarta ba ta ha'ince ta ba. Malama ta ga wannan, ta ji daɗinsa, ta kuma ji kamar ranta zai fita.

Auta bai damu da idon jama'a ba. Ya matso.

"Hannunki ne, na gani. Ki gaya mini, har zuciyarki?"

Hawaye suka ɓalle mata.

"Kada ka tambaye ni a nan."

"A nan aka karanta, a nan zan tambaya. Ki ce mini e, wallahi ba za ki sake ganina ba."

Ta dubi Inna. Idan ta ce a'a, ta mayar da takardar uwarta ƙarya, Gwaggo kuma ta sami abin faɗa har ƙarshen rayuwarta. Idan ta ce e, ta yi ƙaryar da ba ta da magani.

"Abin da uwata ta faɗa na rubuta," ta ce, "kuma ba zan ƙaryata uwata ba. Iyakar abin da zan iya ke nan, Auta. Ka yafe mini."

Ya tsaya yana kallonta. Ta san ya ji abin da ta faɗa, ya kuma ji wanda ta ƙi faɗa.

Direban mota ya danna oda a waje. Rasit ya yi wuf ya ce shi zai shiga gaba ya nuna hanya, tunda shi ya san gidan. Inna ta miƙe ta kama hannun 'yarta. Mata suka taso ana rungume-rungume, ana a yafe juna, ana Allah ya sada mu da alheri.

Cikin wannan hayaniya Malama ta waiga. Ta ga Auta ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ɗakinsa. Ta gane abin da zai yi, ta girgiza masa kai da ƙarfi, tana roƙonsa da ido. Idan ya bi su, wa zai riƙe hannun tsohon nan? Kuma me za a ce, in ba cewa 'yar haya ta rasa gidan ta tafi da idon mai gidan ba? Wannan ya fi zagin bakin famfo muni, kuma wannan karon ba za a ce ƙarya aka yi ba.

Bai fasa ba. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya aje makullin a kan cinyarsa kusa da na Inna, ya miƙe ya nufi ƙofa.

Hayaniyar ta mutu. Inna ta saki hannun Malama.

Baba ya ji abu ya taɓa shi. Ya lalubo da yatsu, ya shafa ukun nan da ke ɗaure da zare, sannan ya kai kan na huɗun, wanda ke shi kaɗai. Ya juya shi, ya sake juya shi.

"Uku aka ce mini," ya ce. "Wannan kuma na wane ne?"

Tsohon ya juya fuska gefen da ɗansa ya saba tsayawa, ya miƙa makullin cikin iska.

"Auta, duba mini wannan."